Daga Gamba Zuwa Zaki: Fashin Baƙin Tambayoyin Canki-Canka Kan Sarƙar Abinci

Ɗaliban sakandare sun raina darasin sarƙar abinci. A ganinsu abu ne da ko yaron goye ya sani: fara ta ci ciyawa, ƙadangare ya ci fara, shaho ya sure ƙadangare, shi ke nan. Sai an raba takardar jarrabawa sannan ido ke raina fata. A takardar bayoloji ta farko ta WAEC tambaya 50 ce cikin minti 50, wato kowace tambaya minti ɗaya, kuma mai tsara ta ba ya zuba amsoshin bogi da ka. Kowace amsa da ba daidai ba an ɗora ta ne a kan wani kuskure da aka san ɗalibai suna yi, don wanda ya haddace darasin ba tare da ya fahimta ba ya ga amsar da ta yi kama da abin da ke kansa, ya canka, ya wuce yana murna.

Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda ake yi wa 'yan babbar sakandare ne. Na gina su a kan dajinmu na sabana, mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, irin wanda ya shimfiɗu daga Yankari ta jihar Bauchi har ya sirance a Sahel. Duk yawansu abu ɗaya suke tambaya ta fuskoki daban-daban: makamashin da ke cikin abinci daga ina ya fito, ina ya nufa, kuma nawa ne ya zube a hanya.

Tambaya ta ɗaya. Wanne ne aka rubuta daidai?
A. zaki → gwanki → gamba
B. gamba → gwanki → zaki
C. gwanki → gamba → zaki
D. rana → gwanki → zaki

Amsar ita ce B, amma A tana kwasar ɗalibai da yawa, kuma suna da hujjarsu. Za ka ji yaro ya ce, "Malam, ai zaki ne ke cin gwanki, gwanki kuma ya ci gamba." A kansa kibiyar tana nufin "yana cin". To ba haka take nufi ba. Kibiyar tana nuna inda makamashi ya nufa ne, don haka tsininta kullum yana kallon bakin mai ci. Makamashin yana cikin gamba, gwanki ya yi kiwo ya koma jikinsa, zaki ya kayar da gwanki ya koma jikin zaki. Duk wanda ya riƙe wannan ba zai sake juya kibiya ba.

D ita ce ta fi wayo, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Rana ce tushen makamashin dajin gaba ɗaya. Sai dai gwanki ko ya wuni yana shanya a rana ba zai ƙoshi ba. Koren ganye ne kaɗai ke iya kama hasken rana ya haɗa shi da ruwa da iskar kabon ya yi sukari, shi ya sa ake kiran tsirrai masu samar da abinci, kuma da su sarƙa take farawa. Ko su ma ɗan abin da suke kamawa bai taka kara ya karya ba: cikin hasken da ke sauka a kan fili, wajen kashi 1 cikin 100 ne ke zama abinci. Saura ya faɗi a ƙasa, ko ganye ya mayar da shi, ko ya tafi wajen dumama ganyen da busar da ruwan jikinsa. A ajiye wannan kashi 1 ɗin, za a neme shi nan gaba.

Tambaya ta biyu. Mafarauci ya ci tuwon dawa da naman barewa. A wane mataki yake a sarƙar abinci?
A. mai samar da abinci
B. mai ci na farko kawai
C. mai ci na biyu kawai
D. mai ci na farko kuma na biyu

D ce. Da ya kai lomar tuwo, tsiro ya ci kai-tsaye, matsayinsa ɗaya da fara da barewa. Da ya yagi nama, ya ci wadda ta ci tsiro, ya hau mataki na gaba ya zauna kusa da damisa. Mataki ba suna ba ne da aka raɗa wa dabba har abada, abin da ta ci ne ke ajiye ta a inda take. Gwaggon biri ma haka yake, yau 'ya'yan itace da saiwa, gobe ƙwari, wani lokacin har ɗan mazo idan ya samu. Wanda ya zaɓi A kuwa ya tuna cewa mutum ne ya noma dawar. Noma daban, haɗa abinci daga hasken rana daban. Dawar ce ta yi wannan aikin.

Akwai wani ɗan tarko a nan da ya kamata a sani tun kafin a shiga lissafi. Ƙirgen matakai yana farawa ne daga tsiro, ƙirgen masu ci kuma daga dabbar farko. Saboda haka mai ci na farko yana mataki na biyu, mai ci na biyu yana mataki na uku. Maki da yawa sun salwanta a kan wannan tazarar ta ɗaya tak.

Tambaya ta uku. A sarƙar ciyawa → fara → ƙadangare → shaho, ciyawa ta tara makamashi kilojul 20,000. Idan kashi 10 cikin 100 ne ke wucewa daga mataki zuwa mataki, nawa zai isa ga shaho?
A. 2,000
B. 200
C. 20
D. 2

A ƙirga kibiyoyi, kada a ƙirga sunaye. Kibiya uku ce, don haka sau uku za a raba da goma: fara ta samu 2,000, ƙadangare 200, shaho 20. Amsa C. Wanda ya ƙirga sunaye huɗu ya raba sau huɗu zai faɗa D, wanda ya tsaya a ƙadangare zai faɗa B. Sannan a duba da kyau wane adadi aka bayar. Idan tambayar ta ce kilojul 20,000 na hasken rana ne ya sauka a kan ciyawar, to lissafi ya sauya, domin tsallen farko kashi 1 ne ba 10 ba. Ciyawa za ta riƙe 200, fara 20, ƙadangare 2, shaho ya tashi da 0.2. Kalma biyu kacal a cikin tambaya sun rage amsar sau ɗari.

Wannan ƙa'ida ta kashi goma ana danganta ta da Raymond Lindeman, wani matashin masani ɗan Amurka da ya yi shekaru yana auna abin da ke rayuwa a wani ƙaramin tafki a jihar Minnesota. An buga aikinsa a 1942, 'yan watanni bayan rasuwarsa yana da shekara 26. Yana cikin waɗanda suka fara kallon dabbobi da tsirrai a matsayin matakan da makamashi ke bi yana raguwa. Amma goman nan matsakaicin ƙiyasi ne da aka ɗauka don sauƙin koyarwa. A wurare daban-daban ana samun daga kashi 5 zuwa 20, a wasu dabbobin ma ƙasa da haka sosai. A ɗakin jarrabawa a yi aiki da goma idan ba a ba da wani adadi ba. A daji kuwa sai an tambayi wace dabba ce, kuma tambaya ta gaba can ta nufa.

Tambaya ta huɗu. Me ya sa makamashin da ke isa ga mai ci na biyu bai kai na mai ci na farko ba?
A. Masu cin nama ba su kai masu cin ciyawa girman jiki ba
B. Makamashi yana lalacewa ya ɓace idan an narkar da abinci
C. Yawancinsa yana fita a kashi da fitsari, ko ya tafi a matsayin zafi
D. Tsirrai suna janye shi daga jikin dabbobi

A nan ne darasin yake, kuma saniya ta ishe mu misali, tunda ita ma mai cin ciyawar sabana ce kamar ɓauna. A ɗauka makamashin da ke cikin ciyawar da ta ci kashi 100 ne. Kusan kashi 60 ba ya ma zama a jikinta, yana fita a kashi da fitsari da iskar da take gyatsawa. Ciyawa abinci ce mai taurin narkewa, musamman ta rani da ta bushe ta zama kara. Duk da tuƙar da saniya ke yi da taimakon ƙwayoyin bakteriya da ke cikin tumbinta, mai yawa yana wucewa yadda ya shiga. Shaidar haka a fili take. Ɗauki busasshen kashin shanu ka farfasa, za ka ga zaren ciyawa a ciki, ka sa masa wuta ya kama ya daɗe yana ci. Abin da ke cin wutar nan makamashin da saniyar ta kasa ɗauka ne.

Sama da kashi 30 kuma tana ƙona shi a jikinta don ta rayu: tafiya zuwa mashaya, bugun zuciya, numfashi, kaɗa jela tana korar ƙuda, ita kanta tuƙar. Duk wannan aikin ƙarshensa zafi ne. Wanda ya taɓa ɗora hannu a gadon bayan saniya da asubar hunturu ya ji ɗumin yana ratsa tafinsa, to ya taɓa makamashin gamba a kan hanyarsa ta fita. Ya shiga iska, kuma babu wata halitta da za ta iya cin sa. Abin da ya rage ya zama tsoka da kitse da ƙashi da ɗan maraƙi kashi 4 ne ko 5. Wannan kaɗai ke jiran mai ci na gaba.

Amsa C ke nan. B tana jan mutane saboda ta yi kusa, amma makamashi ba ya lalacewa, sauya kama yake yi ya koma zafi ya watse. A kuwa ko gaskiya ba ce a ko'ina, zaki ya fi gada girma nesa ba kusa ba.

Fara ta fi saniya riba a wannan lissafin, domin ba ta kashe abincinta wajen riƙe ɗumin jiki. Rana ce ke dumama ta, shi ya sa da sanyin safiya yara ke tsintar ta da hannu a kan ganye. Ƙwari da ƙadangaru da kifi suna mayar da kaso mai tsoka na abin da suka narkar zuwa nama, dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye kuwa kashi 1 zuwa 3 ne a daji. Wannan na cikin dalilan da sarƙar da ta bi ta ƙwari take iya kaiwa mataki huɗu ko biyar, ita kuwa ta manyan dabbobi yawanci a uku take tsayawa.

Bari mu bi ta manyan dabbobin da alƙalami, don a ga abin da zaki guda yake ci wa daji. Babban zaki yana bukatar nama wajen kilo 5 zuwa 7 a rana idan an daidaita kwanakin ƙoshi da na yunwa. Mu ɗauki 6. A shekara ya kama kusan kilo 2,200. Mu ƙaddara kanki yake ci, mai nauyin kilo 150, wanda idan an cire ƙashi da ƙaho da kofato da abin da ke cikin tumbi, abin ci bai wuce kilo 100 ba. Ashe zakin nan zai kayar da kanki 22 a shekara. Garke kuma ba zai jure a riƙa ɗibansa fiye da yadda yake haihuwa ba, ga kura da cuta da fari su ma suna ɗibar nasu. Idan muka ba wa zaki ɗaya cikin goma na garken a shekara, sai an samu kanki 220 kafin zaki guda ya rayu ba tare da garken ya ƙare ba. Kowane kanki yana cin busasshiyar ciyawa wajen kilo 4 a rana, kusan tan ɗaya da rabi a shekara. Garken gaba ɗaya tan 330 ke nan.

A jera su: ciyawa tan 330, kankin da aka kayar tan 3.3, sai zaki guda da bai kai kilo 200 ba, wanda a ƙarshen shekara nauyinsa na nan yadda yake, domin duk naman da ya ci ya ƙone shi wajen rayuwa. Lissafin misali ne, an ɗora shi a kan ƙaddarawa, amma ya nuna tsallen daga ciyawa zuwa bakin zaki ya fi kusa da kashi 1 fiye da 10. Ya kuma bayyana abin da ɗalibai ke yawan tambaya, wato me ya sa babu dabbar da ta dogara da cin zaki. Ba tsoronsa ne dalili ba. Wanda zai rayu da naman zaki sai ya samu ɗaruruwan zakuna, su kuma dubban kanki, filin da zai zagaya ya fi ƙarfin ƙafarsa. Haka nan Yankari mai faɗin murabba'in kilomita sama da 2,200 ba ta iya ɗaukar zakuna masu yawa ko da babu mai taɓa su. Mafaraucin da ya harbe gwanki da kanki a ɓoye, ko shanun da suka kwashe ciyawar, sun rage zaki ba tare da sun gan shi ba. Zakunan da suka rage a Najeriya yau 'yan kaɗan ne, a Yankari da dajin Kainji.

Tambaya ta biyar. Wace dala ce ba ta taɓa kifewa, kullum gindinta ya fi samanta faɗi?
A. dalar yawan halittu
B. dalar nauyin halittu
C. dalar makamashi
D. dukkansu

C. Dala a nan zane ne da ake jera matakan sarƙa a ciki, tsirrai a gindi, masu ci a samansu. Dalar yawa tana kifewa cikin sauƙi. Kaɗanya guda tana ciyar da dubban tsutsotsi a farkon damina har su zazzage mata ganye, ga gindi ɗaya tal, sama kuwa cunkus. Saniya guda tana ɗauke da kaska barkatai. Dalar nauyi a kan tudu yawanci daidai take tsayawa, amma a ruwa takan kife, domin ƙananan tsirran da ke yawo a cikin ruwa ana cinye su da sauri kamar yadda suke hayayyafa, sai awon rana ɗaya ya nuna masu ci sun fi abincinsu nauyi. Ta makamashi ana auna ta ne a tsawon lokaci, yawanci shekara, kuma mai ci ba zai taɓa samun fiye da abin da na ƙasa da shi ya tara ba. Nan ba sai an daɗe ba.

Tambaya ta shida. Idan zaki ya mutu ya ruɓe, me ke komawa ga ciyawa?
A. makamashi da sinadarai
B. sinadarai kawai
C. makamashi kawai
D. ba abin da ke komawa

Wannan ce tambayar da nake ganin ta fi kowace raba wanda ya gane da wanda ya haddace. Yawancin ɗalibai A suke zaɓa, kuma wani ɓangare na laifin yana kan zanen da ake yi a allo, inda ake jan kibiya daga matacciyar dabba zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa tsiro, abin ya zama zobe. Zoben gaskiya ne, amma na sinadarai ne. Bakteriya da funfuna suna cin gawar, su ƙona makamashin da ke cikinta don tasu rayuwar, ya fita a matsayin zafi. Wanda ya taɓa tona tsakiyar jujin taki ya ga tururi na tashi ya ga wannan da idonsa. Abin da ya rage a ƙasa shi ne naitirojin da fosfaras da sauran gishirin da saiwa ke sha. Ciyawa tana karɓar waɗannan, amma makamashinta sabo take ɗauka daga rana kowace safiya. Amsa B. Sinadarai suna zagayawa, makamashi hanya ɗaya yake bi, ya shigo a haske ya fita a zafi.

Littattafan makaranta sukan ajiye masu ruɓarwa a gefen shafi kamar 'yan rakiya, alhali a sabana kaso mai yawa na abin da tsirrai suka samar ba ya bi ta bakin gwanki ko ɓauna sam. Yana bushewa ne ya faɗi, sai gara ta karɓa. Manyan surin nan da ake gani a daji, garar da ke cikinsu tana kai guntayen itace da ciyawa ta yi musu ɗakuna, ta noma wata irin funfuna a kai, funfunar ta laushe abincin sannan garar ta ci. Wani bincike da aka yi a Mokwa ta jihar Neja a shekarun 1970 ya nuna gara tana kwashe wajen kashi 60 cikin 100 na itacen da ke faɗuwa a shekara. Ita kanta gara abinci ce, shinge da ke fitowa bayan ruwan farko ƙadangare da kwaɗo da tsuntsu da mutum duk suna wawarsa, don haka akwai sarƙa ta biyu da ke farawa daga matacciyar ciyawa. A tambayar jarrabawa dai a bambanta: gara da buzuzu masu cin matattun abubuwa ne, suna gutsura su haɗiye, bakteriya da funfuna su ne masu ruɓarwa na ainihi.

Sai wuta, wadda babu zanen sarƙar da ke nuna ta. Gobarar dajin da ake yi da kaka zuwa hunturu tana yin abin da mai ci ke yi, sai dai a cikin sa'o'i: ta saki makamashin ciyawa a matsayin zafi, ta bar toka. Tokar tana riƙe wasu sinadaran, naitirojin kuwa yawancinsa yana bin hayaƙi.

Ba kowace tambaya ce ke da lafiya ba, kuma ya kamata malamai su ji wannan. Ga wata da ake yawan gani a jarrabawar aji:

Wacce ce mai cin mushe?
A. kura
B. ungulu
C. barewa
D. fara

Tambayar tana da amsa biyu, ko kuma ɗaya da rabi. Mai tsara ta wataƙila kura yake nufi, domin tatsuniya ta riga ta gama da ita a matsayin matsoraciya mai jiran ragowar wasu. Amma Hans Kruuk, masani ɗan ƙasar Holan da ya bi kuraye dare da rana a Serengeti da Ngorongoro ta Tanzaniya a shekarun 1960, ya gano kura mai dabbare-dabbare mafarauciya ce, yawancin abin da take ci ita ke kashewa, kuma sau da yawa zaki ne ke ƙwace mata. Tana cin mushe idan ta samu, zaki ma yana ci. Ungulu ce mushe ya zama sana'arta. Ɗalibin da ya haɗu da irin wannan ya zaɓi wadda siffar ta fi kamawa, wato B. Malami kuma ya cire kura daga jerin ya sa dabbar da ba ta da hannu a mushe, in ba haka ba yaron da ya fi karatu ne zai fi ruɗewa.

Tambaya ta ƙarshe ta bar sarƙa ta shiga raga, inda sarƙoƙi da yawa suka sarƙe. A wani fili fara tana cin ciyawa, ƙadangare da zabo suna cin fara, shaho yana cin ƙadangare da 'yan tsakin zabo. Idan ƙadangaru suka ƙare, me zai fara faruwa?
A. ciyawa za ta ƙaru
B. fara za ta ƙaru
C. shaho zai ƙare
D. zabi za su rasa abinci

Kalmar da ke riƙe da tambayar ita ce "fara faruwa". A bi kibiyoyin da suka taɓa ƙadangare kai-tsaye, guda biyu ne. Ta ƙasa, fara ta rabu da ɗaya daga cikin masu cinta, za ta ƙaru. Ta sama, shaho ya rasa abinci ɗaya amma yana da wani, don haka zai matsa wa zabi, ba zai ƙare ba. A da D sun juya gaskiya ne, domin fara mai yawa tana nufin ciyawa ta ragu, zabi kuma abinci ya ƙaru musu. Amsa B. Da sarƙa ce miƙaƙƙiya, babu zabo a ciki, da C ma ta zama abin dubawa.

Abin da zai biyo baya bayan shekaru kuwa ya fi ƙarfin tambayar minti ɗaya, kuma Serengeti ta nuna haka. Ciwon bushiya da ke kama shanu ya daɗe yana danne wata dabba dangin kanki da Suwahilawa ke kira nyumbu. Da aka yi wa shanun kewayen dajin rigakafi cutar ta gushe a farkon shekarun 1960, sai nyumbu suka tashi daga wajen 250,000 zuwa kusan miliyan 1.3 kafin ƙarshen shekarun 1970. Zakuna da kuraye sun ƙaru, wannan kowa zai iya hasashensa daga kibiya. Abin da ba a yi tsammani ba shi ne itatuwa. Garken ya cinye ciyawar da a da take bushewa ta zama abincin gobara, wuta ta ragu, ƙananan itatuwan da take ƙonewa duk shekara suka samu suka girma, har wuraren da suka zama fili suka sake yin kurmi.